Kurakuran masu shago wurin sanar da yara an daina sayar da wani kaya

Yaran shago ciniki suke gani, ba riba ba. Idan kaya yana fita kullum, a wurinsu kayan alheri ne, kuma ranar da maigida ya ce an daina kawo shi, abin da zai fara zuwa musu a rai shi ne ko jari ya karye, ko kuma za a sallami wani. Yawancin kurakuran da ake yi a irin wannan jawabi daga rashin lura da haka suke tasowa. Bari mu ɗauki misalin shagon kayan masarufi a cikin unguwa a Kano, mai yara huɗu, wanda zai daina sayar da yogot mai sanyi. Alƙaluman duk na misali ne, kowa ya sa nasa.

Kuskure na farko tun kafin a buɗe baki ake yin sa, wato a tsaya gaban yara da lissafin da bai nuna ba. A ce ana saro kwalba a kan ₦500, ana sayarwa ₦600, kuma a wata ana sayar da 600. Ciniki ya kama ₦360,000, ribar da ake gani a ido ₦60,000. Nan mutane da yawa suke tsayawa. Amma yogot ba lemo ba ne. Lemo idan ya huce a sake sanyaya shi, yogot kuwa idan ya wuni babu sanyi sai ya yi tsami, kwalbar ta kumbura. Saboda shi kaɗai ake tayar da janareta idan an ɗauke wuta. Lita biyu na mai a rana, kowace lita a kan ₦900, a wata ₦54,000 ke nan, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 wannan kuɗi ya daina zama abin da ake kau da kai a kansa. A ƙara kwalba 50 da suka lalace ko wa'adinsu ya cika, ₦25,000 a farashin sari, sai gyaran firiza da ke cin kamar ₦5,000 a wata idan aka raba shi. Jimilla ₦84,000. Kayan da ake ganin yana kawo ₦60,000 ashe yana cinye ₦24,000 daga ribar sauran kaya.

A nan akwai tarko ta ɗaya ɓangaren. Wasu don su ƙara wa hujjarsu nauyi sai su ɗora wa yogot wani kaso na kuɗin haya da albashin yara. Wannan ba daidai ba ne, domin ko an daina yogot haya tana nan, albashi yana nan. Abin da za a lissafa shi ne kuɗin da zai tsaya ranar da aka daina kayan. Haka kuma idan janaretan zai ci gaba da aiki saboda fitila da fanka, ba duk kuɗin man ne na yogot ba. Yaron da yake zuba man ya san wannan sarai, kuma da zarar ya kama lissafin da aka kumbura, sauran maganar ma ba zai yarda da ita ba.

Kuskure na biyu shi ne fara jawabi da kukan zamani: kasuwa ta yi wuya, komai ya yi tsada, sai haƙuri. Duk tsawon lokacin da maigida yake wannan shimfiɗa, kowane yaro yana lissafin ko shi za a kora, ba wanda yake sauraro. A fara da hukuncin, a bi shi nan take da maganar aiki. Misali: "Na tara ku ne kan magana ɗaya. Daga ranar ɗaya ga wata mun daina yogot. Ba wanda zai rasa aikinsa, ba wanda za a rage wa albashi. Yanzu bari in nuna muku dalili." Idan kuwa da gaske akwai wanda abin zai shafa, kamar wanda ake ba shi ɗan kamasho kan kowace kwalba, a kira shi gefe tun kafin taron a daidaita da shi. Bai kamata ya ji raguwar samunsa a gaban 'yan'uwansa ba.

Sai yadda ake faɗin lissafin. Maigida da ya zauna da kalkuleta yakan so ya ce ribar kashi kaza ce cikin ɗari, kuma a nan ma ana ruɗewa: ₦100 a kan ₦500 kashi 20 ne na kuɗin sari, amma kusan kashi 17 ne kawai na kuɗin sayarwa. Wannan ya bar wa littafinsa. Da yara a yi magana da naira a kan kwalba guda. "Kowace kwalba muna samun ₦100. Amma mai da lalacewa da gyara, idan aka raba su kan abin da muke sayarwa, kowace kwalba tana cin ₦140. Ke nan duk wanda ya sayi ɗaya, mun bi shi da ₦40 daga aljihunmu." A rubuta a bayan kwali kowa ya gani. Ba sai an buɗe musu dukan littafin shago ba, na wannan kayan kaɗai ya isa.

Maganar kwalba 50 da suke lalacewa tana buƙatar taka-tsantsan. Da an ambace ta, ido zai koma kan mai kula da firiza. A fito fili a ce ko da ba kwalba ɗaya da ta lalace, ribar da za a samu ₦1,000 ce kawai a wata, saboda haka matsalar ta kayan ce da rashin wuta. Idan akwai sakaci na gaske, wannan zama ne daban, ranar daban.

Wani kuskuren shi ne rufe ƙofar tambaya, alhali tambayoyi biyu tabbas suna nan tafe. Ɗaya zai ce, "Alhaji, me zai hana a ƙara kuɗin?" Amsar tana cikin lissafi: a ₦650 za a samu ƙarin ₦30,000, asarar ta koma ribar ₦6,000, amma sai idan duk kwalba 600 sun ci gaba da fita, ga shi maƙwabci yana sayarwa ₦600. Tambaya ta biyu ta fi nauyi, kuma yara sun fi maigida sanin amsarta: masu sayen yogot ai suna haɗawa da burodi. Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata tun mako biyu kafin hukunci a sa su riƙa lura da abin da mai sayen yogot yake haɗawa da shi. A ce burodi 200 ne a wata, ribar ₦50 kowanne, ₦10,000. Ko duk an rasa su, shago ya tsira da ₦14,000. Da ribar kayan haɗin ta haura ₦24,000, to da yogot ɗin yana biyan kuɗin zamansa, bai kamata a taɓa shi ba.

Kada a tashi taron ba a raba aiki ba. A faɗi ranar da za a karɓi sari na ƙarshe, a sanar da mai kawo kayan a biya shi bashinsa kafin ya ji a bakin yara. Abin da ya rage a jera shi bisa kwanan watan lalacewa, na kusa a gaba, wanda ya rage masa kwana uku a sayar a farashin sari. A faɗi makomar firizar, ko sayarwa ko a mayar da ita ta ruwan leda da lemo, masu jure ɗaukewar wuta. Sannan a ba yara magana guda da za su faɗa wa mai saye: "Mun daina kawo shi, Hajiya, amma akwai a shagon gaba." Idan aka bar kowa ya ƙirƙiro tasa amsar, wani zai ce ya ƙare, mai saye ya yi ta dawowa, wani kuma ya ce kayan ne ba kyau, ya ɓata sunan mai yin sa a banza.