Kurakuran da aka fi yi wajen auna amsar manhajar hira da matani

Aikin yana kama da mai sauƙi. An ba ka matani, an ba ka amsar da manhajar hira, wato manhajar da ke amsa tambayoyin mutane da kanta, ta rubuta, an ce ka bi kowace da'awa a cikin amsar ka yanke mata hukunci ɗaya cikin uku: matani ya goyi bayanta, matani bai faɗe ta ba, ko matani ya saɓa mata. Amma da zarar mutum biyu sun yi wa amsa guda hukunci, sai ka tarar sun sha bamban a wurare da dama. Yawancin saɓanin daga abu ɗaya yake tasowa: mai aunawa ya manta cewa ba gaskiyar magana aka tambaye shi ba, an tambaye shi ne abin da matanin ya ce.

Ga matanin da za mu yi aiki da shi:

"A shekarar 1897, likitan Birtaniya Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya ga ƙwayar cutar maleriya a cikin sauro. An ba shi kyautar Nobel a 1902. Wasu nau'o'in sauro ne kawai ke yaɗa cutar tsakanin mutane."

Ga kuma amsar manhajar:

"Ronald Ross, wanda aka haifa a Indiya, shi ne mutumin da ya fara ganin ƙwayar cutar maleriya. Ya gan ta a cikin sauro a 1887, kuma saboda wannan aiki aka ba shi Nobel a 1902. Kowane irin sauro na iya yaɗa cutar."

Tun kafin a zo kan hukunci ake fara tuntuɓe, domin da yawa sukan ɗauki jimla sukutum su manna mata alama guda. Jimla ta biyu a amsar nan tana ɗauke da da'awa huɗu: ya ga ƙwayar a cikin sauro, ya gan ta a 1887, an ba shi Nobel a 1902, kuma wancan aikin ne dalilin kyautar. Ta ɗaya da ta uku suna nan a matani ƙarara. Ta biyu ta ci karo da shi, tunda 1897 aka rubuta. Wanda ya ce jimlar gaba ɗaya tana da goyon baya ya bar kuskuren shekara ya wuce, wanda ya ce gaba ɗaya ta saɓa kuwa ya zalunci da'awa biyu da suke daidai. Gyaran shi ne a yanyanka amsar tukuna, har kowane yanki ya zama magana ɗaya da za a iya cewa e ko a'a a kanta. A kuma mayar wa kowane yanki sunan wanda ake magana a kansa. "Ya gan ta a 1887" ba ta aunuwa ita kaɗai, sai an rubuta ta "Ross ya ga ƙwayar maleriya a cikin sauro a 1887".

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi wuyar bari, shi ne shigo da sanin da ke kanka. Abin takaici, masu ilimi ne suka fi faɗawa cikinsa. Dubi "an haifi Ross a Indiya". Gaskiya ne, a garin Almora aka haife shi a 1857. Wanda ya san haka hannunsa zai yi saurin zuwa kan goyon baya. To amma matanin cewa ya yi Ross yana aiki a Indiya, bai ce komai kan haihuwarsa ba. Hukuncin da ya dace shi ne matani bai faɗa ba. Kalmar Indiya da ta fito a ɓangarorin biyu ma tana ƙara ruɗa ido, alhali haɗuwar kalma ba haɗuwar ma'ana ba ce.

Wannan kuskure yana da wata fuskar. "Ross ne ya fara ganin ƙwayar maleriya" ba gaskiya ba ne, domin likitan Faransa Alphonse Laveran ya riga shi ganinta a jinin mara lafiya a Aljeriya tun 1880. Wanda ya san tarihin zai so ya rubuta cewa ta saɓa. Sai dai ka koma matanin ka nemi layin da ya ce wani ne ya fara, ba za ka samu ba. Don haka ita ma matani bai faɗe ta ba, duk da kuskure ce. Na san wannan yana yi wa mutum nauyi, a ce magana ta gaskiya da magana ta kuskure sun samu alama iri ɗaya. Amma abin da ake son ganowa shi ne ko manhajar ta tsaya kan abin da aka ba ta ko ta ƙara nata, kuma a nan duka biyun ƙari ne. Idan akwai gurbin sharhi a takardar aikin, can za ka rubuta batun Laveran.

Akwai tambaya ɗaya da ke raba "bai faɗa ba" da "ya saɓa". Shin zai yiwu matani da da'awar su zama gaskiya tare? Idan zai yiwu, babu saɓani. Mutum na iya aiki a Indiya ko an haife shi can ko ba a haife shi can ba. Amma gani guda ba zai faru a 1897 kuma a 1887 ba. Ƙa'idar da nake ganin ta fi amfani ita ce kada ka rubuta goyon baya ko saɓani sai ka kwafo layin matanin da ka dogara da shi ka ajiye kusa da hukuncin. Duk inda ka rasa layin da za ka kwafo, to alamar da ta rage ita ce ta tsakiya.

Sai ƙananan kalmomin da ido ke tsallakewa: wasu, duka, kawai, mai yiwuwa, saboda. "Kowane irin sauro na iya yaɗa cutar" ta saɓa, kuma kalmar "kawai" ce ta kayar da ita. Haka idan matani ya ce mai yiwuwa abu kaza ya faru, amsa kuma ta ce ya faru, to an ƙara tabbacin da ba a bayar ba.

"Saboda" ita ce ta fi jawo gardama. Matanin ya jera gano ƙwayar da samun Nobel, ɗaya bayan ɗaya, bai ce wannan ne ya jawo wancan ba. Kowane mai karatu zai fahimci haka ake nufi, kuma a tarihi aikinsa kan maleriya ne ya samo masa kyautar. Duk da haka, a tsaurin ƙa'ida matani bai faɗa ba. Wasu ayyukan suna yarda da abin da magana ta nuna a fakaice, wasu ba sa yarda. Wannan ba abin da kowa zai yanke wa kansa ba ne. A duba ƙa'idojin aikin, idan sun yi shiru a yanke shawara tare, a rubuta ta da misali, kowa ya bi.

Amma tsauri ma yana da iyaka, kuma wasu sukan zarce ta. Da amsar ta ce "an ba shi Nobel shekara 5 bayan ganin ƙwayar", ba za ka tarar da lamba 5 a matani ba, amma 1897 da 1902 suna nan, lissafin kuma ba ya buƙatar wani sani daga waje. Wannan goyon baya ne. Haka idan matani ya ce maleriya, amsa ta ce zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya wajaba daga matani an goyi bayansa ko da an sauya lafazi.

Idan aka tattara hukuncin amsar nan, da'awa bakwai ne: biyu da goyon baya, uku matani bai faɗe su ba, biyu sun saɓa. Wanda ya auna jimla-jimla zai fito da hukunci uku kacal, kuma ba zai iya nuna wa masu gyara manhajar cewa ta sauya shekara guda, ta kuma ƙara abubuwa uku daga wajen matani ba.