Yadda Za Ka Gane Ko Kwamfuta Ta Kauce wa Cushewa

Ɗalibi, cushewa ita ce ayyuka su tsaya cik, kowa yana jiran kowa, kamar motoci a mararrabar Taminus da ke Jos. Ba ta aukuwa sai abubuwa huɗu sun haɗu: kayan aiki ba ya rabuwa tsakanin biyu, mai riƙe da wani yana jiran ƙari, ba a ƙwacewa da ƙarfi, kuma jiran ya zagayo ya zama da'ira.

Ga gwajin ma'aikacin banki na Dijkstra, masanin kwamfuta, don gane ko za a kauce wa cushewa. A ce firintoci 10 ne, ayyuka uku, A, B da C, na amfani da su. A na riƙe da 4, iyakarsa, wato mafi yawan da zai buƙata gaba ɗaya, 7. B na riƙe da 2, iyakarsa 4. C na riƙe da 2, iyakarsa 9.

Da farko ƙirga rarar: saura 2.

Sai ka cire abin da kowa ke riƙe da shi daga iyakarsa: A na buƙatar 3, B 2, C 7.

Nemo wanda rarar za ta ishe shi. B ne. In ya gama ya mayar da nasa, rara ta zama 4. Yanzu A zai gama, ta koma 8, ta ishi C. Kowa ya fita, lafiya lau.

Amma da C ya roƙi ɗaya tun farko ka ba shi, rara 1 ba ta isar kowa. Kada ka bayar, ya jira.