Rigar Malam ta sauya a hoto na uku: kurakuran masu haɗa jerin hotuna da manhaja

Samarin da ke kawo mini aikinsu na haɗa hotuna da manhajar AI in duba a shagona nan Garwa, kusan dukkansu fuska suka sa a gaba. Sai yaro ya kwana yana gyaran hanci da gemu har mutumin labarinsa ya fito iri ɗaya a kowane shafi, amma a shafi na ɗaya yana cikin babbar riga shuɗiya, a na uku ta koma jamfa, a na biyar hularsa ta zama rawani. Mai karatu kuwa, musamman yaro ƙarami, da kaya yake gane mutum tun kafin ya kalli fuska. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowa, shi ya sa na rubuta.

Bari mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi. A ce ɗan littafi ne na yara mai hoto 12, jarumin kuma wani dattijo, Malam mai goro, sanye da babbar riga ta shadda shuɗiya mai farin aiki, da farin wando, da hula ja.

Kuskuren farko shi ne sake rubuta bayanin kayan da sabbin kalmomi a kowane hoto. Yau ka rubuta "traditional robe", gobe "African boubou", jibi "gandoura" don haka ake cewa a kasuwa da Faransanci. A wurinka abu ɗaya kake nufi. A wurin manhajar kowace kalma tana janyo nata tarin hotunan da aka koyar da ita da su, kuma ba ta tuna hoton da ta yi maka jiya ba. Kalmar "traditional" ita ce mafi sharri, don tana iya kawo maka tufar Yarabawa ko ta Larabawa ko wata da babu ƙabilar da ke sa ta. Ni abin da nake yi, ina rubuta bayanin kayan sau ɗaya, in ajiye shi a waya, in riƙa kwafa ina mannawa ba tare da na taɓa ko waƙafi ba:

```
wide-sleeved indigo blue boubou, plain fabric, white embroidery on left chest, white trousers, plain red brimless cap
```

Abin da ke sauyawa daga hoto zuwa hoto shi ne wuri da aikin da Malam ke yi kawai, kuma a bayan wannan layi nake sa su. Dalili shi ne a manhajojin zana hoto na Stable Diffusion 1.5 da SDXL ana karanta umarni gutsure-gutsure, guda 75 a zubi ɗaya. Masu amfani da AUTOMATIC1111, allon da ake sarrafa Stable Diffusion da shi, suna ganin ƙidayar a kusurwar akwatin rubutu. In ka cika farkon da bayanin kasuwa da rana da ƙura, kayan suka faɗa can ƙarshe, ƙarfinsu ya ragu. Sannan launi yana tsallakawa: ka ce hula ja, sai ka ga jan ya malalo kan wando. Don haka kowane launi ya zauna gab da abin da yake siffantawa, kuma kada launukan kayan mutum ɗaya su wuce uku.

Kuskure na biyu shi ne wanda ke tafasa mini zuciya, don ya taɓa cin kuɗina. Mutane suna zaɓa wa jarumi kayan da manhajar ba za ta iya maimaitawa ba. Wata ƙungiyar mata ta ba mu aikin hotunan wayar da kai, suka ce lallai matar da ke ciki ta ɗaura atamfar Ranar Mata ta Duniya, 8 ga Maris, ta shekarar, wadda kowa ya san zanenta. Yaron da ke aiki da ni ya amsa musu da "ba matsala, Hajiya" ina can wajen ɗaurin aure. Ya ƙone kuɗin rajistar wata guda da na data yana ta jefa umarni, kowane hoto da tasa atamfar: nan furanni, can ganye, rubutun jikin zanen kuma ya koma wasu haruffa da babu mai iya karanta su. Hajiya ta kalli hoto biyu ta ture wayar, ta ce, "Ɗana, wannan matar kullum sabon ɗinki take yi?" Sai da na mayar musu da kafin alƙalaminsu.

Ba rashin iya rubuta umarni ba ne, haka injin yake. Waɗannan nau'o'in Stable Diffusion ba sa zana hoton a cikakken girmansa. Suna aiki a kan ƙaramin siffa wadda ta gaza hoton sau 8 a tsawo da faɗi, sai a ƙarshe a buɗa ta. Hoto mai 1024 a kowane gefe, a can ciki 128 ne kacal. To ka ɗauki Malam a tsaye tun daga hula har takalmi: aikin da ke ƙirjinsa bai fi ɗigo 120 na faɗin hoton ba, wato gurbi 15 a can ciki. Ta yaya aska takwas da duk ƙananan zarenta za su shiga gurbi 15? Manhajar sai ta ƙirƙiro wani abu mai kama da aiki, kuma kowane karo daban. Su ma masu manhajar Midjourney sun faɗa da bakinsu cewa hoton madogara, wato wanda ake ba manhaja ta kwaikwaya, ba ya kwafo ƙananan abubuwa irin tambarin jikin riga daidai.

Ku ji ni da kyau, samari: tun wajen karɓar aiki ake gyara wannan. Jarumi ya sa yadi marar zane, launi ɗaya, da alama guda babba da ido zai kama daga nesa, kamar jar hular Malam. In mace ce, lafaya mai launi ɗaya irin wadda ake gani a Kusiri da Njamena ta fi atamfa sauƙi nesa ba kusa ba, don naɗinta ko ya ɗan bambanta ba wanda zai ce ta sake kaya, tun da a zahiri ma ba a naɗa ta iri ɗaya kullum. Hula zanna bukar mai ƙananan zane kuwa, ku bar ta sai a hoton da aka matso kusa da fuska. Wanda ya dage sai atamfarsa, a ɗauki hoton yadin a shimfiɗe, a ɗora zanen da hannu a manhajar gyaran hoto bayan an gama, kuma a faɗa masa kuɗin wannan daban ne. Na san wasu za su ce sabbin manhajoji sun fi iyawa. Sun fi, amma ku jera hoto 12 ku ƙirga furannin hannun riga, sai mu yi magana.

Na uku, dogaro da rubutu kaɗai. Kafin in fara hoton labari ko ɗaya, sai na fitar da hoton madogara: Malam a tsaye, bango fari, haske daidai, kayan duka a bayyane har takalmi, daga gaba da gefe da baya. Bayan nan yana da muhimmanci, don in ba ka tsayar da yadda bayan rigar yake ba, ranar da Malam ya juya zai hau mashin sai manhajar ta yi masa nata ɗinkin. A Midjourney 6, wanda ya samu wannan damar a Maris 2024, haka ake haɗawa, a sa adireshin hoton madogarar a wurin URL:

```
--cref URL --cw 100 --v 6
```

Lambar `--cw` tana tafiya daga 0 zuwa 100. A 100 ana ɗauko fuska da gashi da kaya, a 0 fuska kawai. Na sha ganin yaro ya kwafo umarnin wani mai `--cw 0`, wanda aka yi don sauya wa mutum kaya, yana kuka rigar ba ta zama. A na 7 an maye gurbin wannan da `--oref` da `--ow`. A Stable Diffusion kuma IP-Adapter ke wannan aiki. Ko da madogara, kada ka cire layin bayanin kayan, su biyun tare suke riƙe rigar.

Akwai wani ganganci da ke biyo baya: a ɗauki hoto na biyu a yi madogarar na uku, na uku a yi na huɗu. Kamar fotokofin fotokofi ne, kowane zubi da ɗan abin da yake ɓatawa. Shuɗin ya ɗan yi haske, wuyan rigar ya ɗan faɗaɗa, kafin hoto na goma Malam yana cikin kaftani ruwan toka kuma ba ka san inda abin ya fara ba. Kullum a koma wa madogara ta asali.

Lambar `--seed`, wadda manhajar ke fara zana hoto daga gare ta, ba ta ɗaure riga. Da ka sauya umarni hoton ya sauya, ko da lamba ɗaya. Kada ka juya hoto hagu zuwa dama don ya dace da shafi, aljihun babbar riga da aikinsa a hagun mai ita suke, kowane tela zai gane. Hasken magariba a bakin Binuwai yana mayar da fari ruwan ɗorawa, wannan ba kuskure ba ne, kada ka ɓata lokaci a kansa.

Sai masu zubar da hoto mai kyau saboda hula kaɗai ta ɓaci. Haba! Fuska ta fito, kasuwa ta fito, hannu yatsa biyar cif, sai ka sake jefawa gaba ɗaya? Shafa wurin hular kawai a sake zana shi: Vary Region a Midjourney, Inpaint a Stable Diffusion. Ni ina fara Denoising strength, wato yawan sauyin da za a yi wa wurin, daga 0.4 in siffar tana nan launi ne ya kauce, in kai 0.7 in hular ce gaba ɗaya ba ita ba. In aikin ƙirji nake gyarawa sai in zaɓi Only masked, don a lokacin manhajar tana zana wannan ɗan wurin a cikakken girma sannan ta mayar da shi mazauninsa, gurbi 15 ɗin nan ya zama fili. A umarnin gyaran, bayanin abin da ka shafa kaɗai za ka bari.

Wanda aikinsa ya kai hoto 50 ko fiye na mutum ɗaya, ya horar da LoRA, wato ƙaramin fayil da ke koya wa Stable Diffusion siffar mutumin, da hotuna 20 zuwa 30 da ya riga ya tace, duka da kaya iri ɗaya. A nan ma ana yin abin a juye: sai mutum ya bayyana rigar dalla-dalla a rubutun kowane hoton horo, yana ganin ƙarfafa ta yake. Abin da ka ambata a rubutun shi manhajar ke ɗauka a matsayin abin da za a iya cirewa, wanda ka yi shiru a kansa shi ke manne wa sunan jarumin. Don haka ka rubuta wuri da tsayuwa da haske, ka bar rigar da hular ba ambato, kuma ka tabbata `flip_aug`, mai juya hotunan horo hagu zuwa dama, a kashe yake, in ba haka ba aljihun Malam zai riƙa yawo tsakanin hagu da dama.

Kafin in miƙa aiki, ina jera hotunan duka a allo ɗaya, ƙanana, madogara a farko, in bi abu ɗaya-ɗaya: hula a duka 12, sannan wuyan riga a duka 12, sannan gefen aljihu, sannan wando da takalmi. Takalmin ne aka fi mantawa, don ba a cika sa shi a layin bayani ba, sai ka tarar Malam ya fita gida da silifa ya isa kasuwa da sau-ciki.