Idan tacfad na danna kansa, fara duba batir

'Yan uwa, idan kibiyar da ke allon kwamfutarku na tsalle ko tacfad, wato wurin da ake shafawa da yatsa a laftof, na danna kansa, ku fara duba batir kafin ku zargi manhaja. A laftof da yawa batirin na ƙarƙashin tacfad ne, kuma zafin garin Garwa da barin caja kullum kan sa batirin ya kumbura ya turo tacfad daga ƙasa. Ku ɗora laftof ɗin a tebur: idan tana rawa, ko tacfad ya ɗago, ku cire caja, kada ku matsa shi, a canza batirin, don yana iya kamawa da wuta.

Idan batirin lafiya lau yake, ku goge ƙurar hunturu ko zufa daga kan tacfad. Idan kuwa tafin hannu ne ke taɓa shi, a Settings na Windows 11 ku shiga Touchpad, ku buɗe Taps, ku zaɓi Low sensitivity.