Ga sababbin zuwa Birtaniya: jarrabawar neman aiki ba irin wadda kuka sani ba ce

Masu zuwa mastas a watan Satumba, ku sani manyan kamfanonin Birtaniya suna buɗe ɗaukar masu digiri ne a daidai lokacin da kuke fama da neman ɗaki da rajistar makaranta, daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma da yawansu da zarar gurbi ya cika sai su rufe ko ranar da suka sa ba ta yi ba. In ka ce sai ka gama karatu to shekara guda ta wuce ka ke nan. Cike fom ba wuya, wannan kowa ya iya. Abin da ke kayar da yaranmu shi ne imel ɗin da zai biyo baya, wanda zai ce ka shiga ka yi jarrabawa cikin 'yan kwanaki, mai ɓangaren lissafi da na fahimtar rubutu, galibi ta kamfanonin shirya gwaji irin su SHL ko Korn Ferry ko Aon, masu neman aikin lauya kuma gwajin tunani mai suna Watson Glaser.

Wallahi muna da masu ƙwaƙwalwa, na ga injiniyoyi daga Zariya da Kano da babu wanda zai gwada musu lissafi, amma sai mutum ya buɗe jarrabawar a waya yana kwance ƙarfe sha ɗayan dare wai ai lissafin sakandare ne. E na sakandare ne, kaso da rabo da canjin kuɗi, sai dai kusan minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi gare ka a kowace tambaya, kuma rabinsa wajen nemo lambar da ake nufi a cikin teburin alƙaluma yake tafiya.

Ga irinta. Cinikin kamfani ya tashi daga fam 240,000 zuwa 282,000, da kaso nawa ya ƙaru? Bambancin 42,000 ne, ka raba da tsohon adadi 240,000, ya ba ka 17.5. In gaggawa ta sa ka raba da 282,000 za ka samu 14.9, kuma za ka gan ta zaune cikin zaɓin tana jiranka, don masu tsara tambayar sun san kuskuren da ake yi. Haka in an ce kaya fam 96 ne har da harajin kaso 20, nawa ne kafin haraji? Ka raba da 1.2, fam 80. Wanda ya cire kaso 20 daga 96 zai samu 76.80 ya danna yana murna. Kafin ka taɓa kalkuleta ka duba saman teburin alƙaluman, a dubbai aka rubuta ko miliyoyi.

Ɓangaren karatu ne ya fi ci min rai. Za a ba ka ɗan sakin layi da wata magana a ƙasa, ka zaɓi True ko False ko Cannot Say. Misali rubutun ya ce kamfani ya buɗe rassa uku bara kuma ribarsa ta ƙaru, maganar ƙasa ta ce buɗe rassan ne ya ƙara ribar. Hankalinka na ɗan kasuwa zai ce ai gaskiya ne mana. To amsar Cannot Say ce, domin rubutun ya faɗi abu biyu sun faru, bai ce ɗaya ne ya jawo ɗayan ba. Duk abin da ka sani a waje ka ajiye shi, ko da fannin da ka karanta ne, abin da ke shafin kawai ake tambaya. Wata ƙanwarmu da ta karanci tattalin arziki ta zauna gabana tana min musu a kan irin wannan har ranta ya ɓaci, na ce mata ƙanwata nuna min layin da ya faɗi haka, ta duba ta sake dubawa ba ta samu ba. Ku kuma lura da some da most da all, "wasu" ba "duka" ba ne.

Atisaye ba tare da agogo ba ɓata lokaci ne. Ofishin ba da shawarar aiki na jami'arku yawanci yana da gwaje-gwaje kyauta, shafin SHL ma yana da samfuri. Ka zauna a tebur da kwamfuta da takarda da biro, ka sa lokaci, in ka gama ka bi kowane kuskure ka ga rashin sani ne ko garaje. Ka karanta umarnin farko da kyau, wasu ba sa bari ka koma baya, wasu kuma in ka ci tambaya ta gaba sai ta ƙara tsauri, don haka in ka ga tana zafi kar ka rikice. Mai larura irin ta wahalar karatu yana da haƙƙin neman ƙarin lokaci a ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010, amma ya nema kafin ya buɗe.

Masu taruwa a ɗaki ɗaya aboki ya danna musu kuma, don Allah ku bari. Kamfanoni da yawa suna sake gwada mutum a gabansu ranar tantancewar ƙarshe, in makin bai yi kusa da na farko ba sun gane, kuma wurare da dama sai zagayen baɗi za su sake karɓar takardarka.