Kurakuran jadawalin aikin dare da rana a ƙaramin asibiti a Legas

Kuskuren da ya fi cutar da ma'aikata shi ne a lissafa ranar da nas ta sauka daga aikin dare a matsayin ranar hutu. Wadda ta miƙa aiki da ƙarfe 8 na safiyar Laraba ta riga ta yi awa 8 a cikin Larabar, sauran yinin kuma na ramuwar barci ne. In aka rubuta mata hutu, aka ce ta dawo Alhamis da safe, ba ta huta ba.

Na biye da shi, mantawa da hanya. A takarda awa 12 ce tsakanin tashi da dawowa. Amma nas ɗin da ke zaune a Ikorodu, asibitinta na Agege, gosulo na iya cin mata awa 2 zuwa, 2 dawowa. A cire rabin awar miƙa aiki, a cire girki da hidimar yara, da ƙyar barci ya kai awa 5. Shi ya sa bai kamata a jera mata dare fiye da biyu ko uku ba, balle mako guda cur kamar yadda wasu ke yi. Alamar gajiyar tana fitowa a takardar magani: allurar asuba na makara, ana tsallake awon jini da na zafin jiki, sai kuma nas su yawaita bugo waya cewa ba su da lafiya.

Ga gyara ga asibitin da ke da nas huɗu, ana buƙatar ɗaya a bakin aiki kowane lokaci. Kowace ta yi rana biyu, sannan dare biyu, kowane aiki awa 12, sannan kwana huɗu a gida, na farkonsu na barci. A fara kowace bayan kwana biyu da fara ta gabanta. Kullum za a samu ɗaya da rana, ɗaya da dare, kuma kowace na yin awa 48 a kwana 8, wato awa 42 a mako. Tunda zagayen kwana 8 ne, Juma'a da Lahadi na zagayawa kan kowa, ba mai cewa kullum ita ake dannewa. Ranakun Sallah da Kirsimeti kam a yi musu lissafi daban tun farkon shekara.

Sai dai tsarin ba shi da rara. Ɗaya ta tafi hutun shekara ko na haihuwa, ukun da suka rage za su koma awa 56 a mako, don haka dole a tanadi ta biyar ko mai cike gurbi.

Musanya kuma kada a yi ta a waya tsakanin mutum biyu. Ta bi ta hannun shugabar nas, a rubuta a jadawali, a kuma ƙi duk wadda za ta haɗa dare da ranar da ke biye.