Yadda ake gyara CV ya bi sanarwar aiki idan manhaja ce ke tace takardu

Manyan ƙungiyoyin agaji da kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata a Marwa, Garwa, Kuseri da Njamena yawanci ta shafin intanet suke karɓar takardu. Kafin idon mutum ya kai kan CV, manhaja ce ke karanta shi, ta zuba abin da ta gane a gurabe: suna, karatu, wuraren aiki, shekaru. Ga misalin wani matashi a Marwa mai BTS a harkar jigila da ajiyar kaya, wanda ya kusa shekara uku yana riƙe da sito a wurin wani dillalin shinkafa da mai. Duk gurbin mai kula da sito da ya fito sai ya nema, amsa kuwa in ta zo ɗaya ce, wani lokaci tun kafin gari ya waye: «Votre candidature n'a pas été retenue.»

Saurin amsar shi ne abin lura na farko. Idan ƙin ya zo cikin 'yan mintoci ko tsakar dare, galibi ba wanda ya buɗe takardar. Wata tambaya ce ta cikin fom ta fitar da kai. Idan kuwa shiru ka ji har wata ya wuce, mai yiwuwa CV ya shiga, amma bai fito ba lokacin da jami'in ɗaukar ma'aikata ya binciko masu wata ƙwarewa. Maganin ɗaya daban yake da na ɗayan, kuma matashin nan duka biyun ne suka same shi.

Mataki na farko: duba ko takardar tana karantuwa

Nasa CV a shagon kwamfuta aka tsara masa, da hoto, da layi biyu gefe da gefe, da tutoci da taurari a wurin harsuna. Ya buga shi, ya sa hannu, ya ɗauke shi da waya ya mai da shi PDF. A ido kyakkyawa ne, amma hoto ne kawai, kuma manhajoji da yawa ba sa ciro rubutu daga hoto, ko su ciro shi a hargitse.

Gwajin ba shi da wuya. Buɗe fayil ɗin a kwamfuta, danna Ctrl+A, sannan Ctrl+C, ka liƙa a Bloc-notes. Idan ba abin da ya fito, hoto ne. Idan ya fito amma sunan makaranta ya kutsa tsakiyar bayanin aiki, layi biyun nan ne suka cakuɗe. Sake buga shi a Word, layi ɗaya daga sama har ƙasa, ba akwatuna. Lambar waya da adireshin imel su zauna a jikin shafi, domin wasu manhajojin suna tsallake abin da aka sa a can saman shafi ko ƙasansa. Kanun sassa su zama waɗanda aka saba: Expérience professionnelle, Formation, Compétences, Langues. Ajiye shi daga Word kai tsaye a irin fayil ɗin da sanarwar ta nema.

Mataki na biyu: zauna da sanarwar da biro a hannu

Nan ne aikin yake. Yawancin masu nema sunan gurbin da ranar rufewa kawai suke karantawa. Shi ma haka yake yi, har ranar da ya buga wata sanarwar Magasinier a Kuseri ya bi ta layi-layi. Ya raba abin da ke ciki gida uku. Na farko, sharuɗɗan dole, waɗanda ake rubuta wa exigé ko minimum: Bac+2, da aikin shekara biyu a kula da kaya. Na biyu, abin da ake so amma ba dole ba, mai ɗauke da souhaité ko atout: Fulatanci ko Larabcin Shuwa, da taɓa aiki da ƙungiyar agaji. Na uku, sunayen ayyukan da aka maimaita: gestion des stocks, inventaire, fiches de stock, bons de sortie, Excel.

Da ya ajiye wannan jeri kusa da CV ɗinsa sai ya ga ko ɗaya daga cikin ayyukan biyar ba ta ciki, alhali kullum su yake yi. Abin da ya rubuta shi ne:

```
Employé de commerce, 2021-2023
Aide au magasin. Sérieux et dynamique.
```

Jami'in da ya rubuta inventaire a akwatin bincike ba zai taɓa cin karo da wannan ba. «Sérieux et dynamique» kuwa kowa na rubutawa, ba kuma wanda ke neman sa.

Mataki na uku: amsa kowane sharaɗi da abin da ka yi

Ga yadda ya mai da shi:

```
Magasinier, commerce de gros, Maroua
02/2021 - 11/2023
Gestion des stocks : riz, huile, sucre (env. 800 sacs/mois)
Tenue des fiches de stock, bons de réception et de sortie
Inventaire mensuel, suivi des écarts sur Excel
```

Bai ƙara komai a kan gaskiya ba. Sunan aikin ya gyara domin shi ne ainihin abin da ya yi, kuma ya koma wurin Alhajin da ya yi wa aiki ya roƙi takardar shaida mai wannan suna, don kada takardu biyu su saɓa ranar tantancewa. Watanni ma suna da amfani: 2021-2023 kan iya zama wata goma sha huɗu, kan iya zama talatin da shida. Da ya sa wata da shekara, lissafi ya tsaya a wata 34, ya haura shekara biyun da ake nema.

A wurin karatu ya rubuta BTS tare da cikakken sunansa, ya ƙara Bac+2 a gefe, tunda da haka sanarwar ta kira shi. Fulatancin da yake ji tun yana yaro, wanda bai taɓa ɗauka abin rubutawa ba, ya shiga ƙarƙashin Langues. Sanarwar da ta zo da Faransanci a amsa ta da Faransanci, ta Turanci da Turanci, domin bincike da kalmar wani harshe ba lallai ya kamo ta ɗayan ba.

Akwai masu ba da shawarar a kwafe sanarwar duka a liƙa a ƙasan CV da farin rubutu. Kada ka yi. Manhaja tana fito da rubutun fili, jami'i ya gani, takarda ta tafi kwando.

Mataki na huɗu: tambayoyin fom

Bayan ɗora fayil, shafin kan cike gurabe da kansa. Bi su ɗaya-ɗaya ka gyara, don a nan ake samun sunan gari a wurin sunan ma'aikata. Sai tambayoyin Oui ko Non. An tambaye shi ko yana da aƙalla shekara biyu a kula da kaya, shi kuwa a baya Non yake zaɓa, a zatonsa aikin ƙungiya kaɗai ake lissafawa. Tambayar ba ta ce haka ba. Wannan amsa ita ce ke jawo masa wasiƙar tsakar dare. Inda aka tambayi aikin ƙungiyar agaji, ya bar Non ɗinsa, tunda bai yi ba, kuma sanarwar atout ta ce.

Gyaran nan ba ya sa a ɗauki wanda bai cika sharaɗin dole ba. Idan an ce Bac+5 da shekara biyar kai kuwa BTS gare ka, adana kuɗin datarka. Shi dai a wannan karon an kira shi jarrabawar rubutu, inda aka ba shi fiche de stock mai kuskure aka ce ya gano inda buhuna suka ɓace. Ya ajiye CV ɗin a matsayin uwa, kowace sabuwar sanarwa ya ciro kwafi ya daidaita kalmomin da ita, ya sa wa fayil ɗin sunansa da sunan gurbin kafin ya tura.